Daidaita ragowar kuɗi a takardar bayanin asusun banki

Daidaita ragowa shi ne binciken da ake yi wa takardar bayanin asusu domin a tabbatar cewa kuɗin da aka buɗe wata da su da waɗanda aka rufe da su sun yi daidai da shige da ficen da aka jera a tsakaninsu. Ana ɗaukar ragowar farko, a ƙara mata duk abin da ya shigo, a debe duk abin da ya fita. Abin da ya saura dole ya zama ragowar ƙarshe, har zuwa kwabo. Ita ma ragowar farko dole ta yi daidai da ta ƙarshen watan da ya gabata.

Asali

Tsarin ya samo tushe daga lissafin shafi biyu na 'yan kasuwar Italiya, inda ake rubuta kowane ciniki a ɓangare biyu, wanda masanin lissafi Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a Venice, ko da yake ana jin an fi ƙarni guda ana aiki da shi kafin nan. Banki yana rubuta takardar ne ta fuskarsa: kuɗin ajiya bashi ne a kansa, shi ya sa abin da ya shigo yake ƙarƙashin Credit, abin da ya fita kuma ƙarƙashin Debit.

Misali

A ɗauki asusun wani tela a Najeriya a 2023, wanda ya buɗe wata da ₦120,000. An turo masa ₦85,000 da ₦30,000, ya cire ₦40,000, ya tura wa mai yadi a wani banki ₦60,000. A lissafinsa saura ₦135,000, amma takarda ta nuna ₦134,846.25. Giɓin ₦153.75 daga ƙananan caji yake, waɗanda ido ke tsallakewa: harajin ₦50 sau biyu a kan kuɗin da suka shigo masu kai ₦10,000, da ladan turawa ₦50 haɗe da harajinsa na kashi 7.5 cikin ɗari, wato ₦53.75.

Girman giɓi kan tona inda kuskure yake. Idan tara ta raba shi ba saura, mai yiwuwa an juya lambobi ne wajen kwafa, kamar ₦58,000 a madadin ₦85,000, wanda ke barin giɓin ₦27,000. Idan ya ninka wani adadi sau biyu, mai yiwuwa an sa adadin a ɓangaren da ba nasa ba, wato Debit a madadin Credit ko akasin haka. In an rasa, sai a bi ragowar da ke gefen kowane layi har a kai inda ta fara saɓawa.

Iyakarsa

Da wuya lissafin na'urar banki ya karkace. Galibi matsalar shafi ne da ya ɓace, ko kuskuren mai kwafa, ko takardar da aka yi wa coge, abin da masu ba da bashi da ofisoshin biza ke lura da shi. Daidaituwar kuma ba ta nuna cewa kowane cirewa halal ne, domin kuɗin da ɓarawo ya zare ma suna shiga lissafi daidai. Gano wannan sai an gwada kowane layi da rasit.