Yaushe ake yi wa rauta riset, me ke gogewa, kuma yaya ake dawo da saiti daga bakof?

"Rautar shagona a Kantin Kwari tana ta yanke intanet tun makon jiya. Yarona ya ce mu danna ɗan ramin nan na baya. In bari ya danna?"

Alhaji, a dakata tukuna. Wannan ɗan ramin shi ne maɓallin riset: idan aka danna shi aka riƙe, yana goge duk saitin da aka yi wa rautar, ya mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Saboda haka ciwon da yake warkarwa shi ne wanda saiti ya jawo. Yankewar intanet kuwa, galibi ba daga saiti take ba. Ko sabis ne ya yi rauni, ko caja ta gaji ba ta ba da isasshiyar wuta, ko zafi ne ya dafa rautar, musamman a Afirilu da Mayu idan an ajiye ta saman kanta dab da rufin kwano.

Fara da abin da ba ya jawo asara. Cire ta daga wuta, a jira kamar daƙiƙa 30, a mayar. Sannan a lura da fitilunta lokacin da intanet ya yanke. Idan duk fitilun suka mutu suka sake kamawa ɗaya bayan ɗaya, rautar ce ke kashe kanta, wannan matsalar wuta ce ko zafi, a gwada wata caja mai ƙarfi daidai da wanda aka rubuta a jikinta. Idan waifai yana nan amma fitilar intanet ta koma ja ko ta mutu, matsalar tana tsakaninta da kamfanin da ke ba ka sabis. In mai sim ce, cire sim ɗin ka sa a waya a wurin, za ka gane nan take.

Lokutan da riset ya zama dole ba su da yawa: an manta kalmar sirrin shiga shafin rautar, ko an taɓa wani saiti har shafin ya daina buɗewa, ko ana zargin wani ya shiga ya sauya abubuwa, ko kuma za a sayar da ita, ko an sayo ta hannu a Farm Centre ba a san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba.

"Idan na yi, datata za ta tafi?"

A'a, Hajiya. Data tana kan layinki a wurin kamfani, ba a cikin rautar take ba. Haka nan riset ba ya cire lambar sirrin sim, ba ya buɗe rautar da aka kulle ta ga layin kamfani ɗaya, kuma ba ya mayar da manhajar cikinta tsohuwa idan an sabunta ta.

"To me ke tafiya ke nan? Ina da shagon buga takardu a titin gidan zu, akwai firinta da kyamarori a kan rautar."

Kai ne ainihin wanda ya kamata ya ji tsoron maɓallin nan. Sunan waifai da kalmar sirrinsa za su koma waɗanda ke rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin rautar. Wannan mai sauƙi ne, kowa ya sani. Abin da ke tsayar da kasuwa shi ne waɗanda ba a gani.

Na farko, yadda rautar ke shiga intanet. Idan mai sim ce, yawanci tana gane layin da kanta, sai dai wani lokaci a sake rubuta mata APN, wato sunan hanyar da layin ke bi ya shiga intanet, na MTN misali shi ne `web.gprs.mtnnigeria.net`. Amma idan waya aka jawo maka ko aka kafa maka faranti a kan rufi, akwai yiwuwar masu haɗawa sun shigar da suna da kalmar sirri na PPPoE, waɗanda kamfani ke gane layinka da su, ko adireshi tsayayye na IP, ranar da suka zo. Da yawa daga cikin masu shago ba su taɓa ganin waɗannan bayanai da idonsu ba. Ana yin riset, waifai zai dawo tsaf, wayoyi su kama, amma babu abin da zai buɗe. Sai an kira kamfanin, in kuma ranar Juma'a da yamma ce, sai haƙuri.

Na biyu, adireshin na'urorin cikin shago. A ce wanda ya haɗa maka ya sa rautar a 192.168.10.1, ya ba firinta 192.168.10.50, ya rubuta wa akwatin kyamarori 192.168.10.60 a jikinsa. Bayan riset, rautar ta koma adireshinta na asali, a ce 192.168.0.1, ta fara raba wa kwamfutoci lambobi masu farawa da 192.168.0. Akwatin kyamarori yana nan riƙe da tsohuwar lambarsa, yana ɗaukar hoto lafiya lau a talabijin ɗin shago, amma a waya ya ɓace, domin shi da rautar ba sa unguwa ɗaya kuma. Firinta kuwa, idan rautar ce ke ware mata lambarta, za ta samu sabuwa, kwamfuta tana ta aika aiki zuwa tsohuwar, takarda ba ta fita. Sai mutum ya ɗauka firintar ce ta lalace, har ya ɗauke ta zuwa wurin gyara. Gyaran na gaskiya shi ne a shiga saitin LAN a mayar da rautar 192.168.10.1, a sake ware wa firinta 50 ɗinta a ƙarƙashin `Address Reservation`. Idan an taɓa buɗe wa kyamarorin ƙofa a `Port Forwarding`, ita ma sai an sake.

Jerin wayoyin da ka toshe shi ma ya tafi. Maƙwabcin da ka kora bara zai iya dawowa in ka mayar da tsohuwar kalmar sirri.

"Yaya ake yin bakof ɗin, kuma a ina zan ajiye?"

Bakof shi ne kwafin saitin rautar da ake adanawa a fayil. A shiga shafin rautar ta burauza, da adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Na Huawei masu sim yawanci 192.168.8.1 ne, na TP-Link 192.168.0.1 ko tplinkwifi.net. A irin TP-Link Archer, hanyar ita ce `Advanced`, sai `System Tools`, sai `Backup & Restore`, a danna `Backup`. Wani ɗan fayil mai ƙarewa da `.bin` zai sauka. Ƙananan na'urorin aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa, da yawansu ba su da wannan wurin sam, nasu sai dai a rubuta.

A sauya wa fayil ɗin suna nan take, a sa samfurin rautar da kwanan wata, domin bayan shekara ba za ka tuna wanne ne wanne ba. A ajiye shi a filashi ko kan kwamfutar shago. Kada imel ya zama shi kaɗai ne ma'ajinsa, tunda ranar da za ka neme shi ita ce ranar da ba ka da intanet. Kuma kada a tura shi guruf, kalmomin sirrinka duka suna ciki.

A ganinmu, takarda ta fi fayil ɗin amana. Fayil ɗin ba ya karantuwa da ido, kuma an yi shi ne don samfurin da ya fito daga gare shi. Ranar da wutar Nepa ta dawo da ƙarfi ta ƙona rautar, ka sayo wata iri daban, wannan fayil ba zai yi maka komai ba. Shafi ɗaya a littafin shago ya isa: sunan PPPoE da kalmarsa, adireshin rautar, lambar firinta da ta akwatin kyamarori, da ƙofofin da aka buɗe. A ɗauki hoton shafukan saitin da waya ma, ba asara.

Masu rautar MikroTik, irin masu sayar da waifai a unguwa da makarantu, su yi iri biyu:

```
/system backup save name=shago
/export show-sensitive file=shago
```

Na farko yana ba da fayil `.backup` wanda ake mayarwa a kan na'urar da ya fito, domin yana ɗauke har da adireshin MAC ɗinta. Na biyu rubutu ne mai ƙarewa da `.rsc`, ana karanta shi, ana gyara shi a kai wata na'urar. A RouterOS 7, wato zubi na 7 na manhajar MikroTik, in ba a sa `show-sensitive` ba, kalmomin sirri ba za su fito a ciki ba. Dukansu biyun a sauke su daga `Files` zuwa kwamfuta, kada a bar su a cikin rautar kawai.

"Na danna ramin amma tsohon sunan waifai na nan."

Ba ka riƙe sosai ba, kunnawa kawai ta sake yi. A yawancin rautocin gida, sai tana kunne ake danna shi da fil ko tsinke, a riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su yi ƙyaftawa, a saki, a ba ta minti biyu zuwa uku. MikroTik nata daban ne: ana riƙe maɓallin ne tana kashe, a sa mata wuta, a saki da zarar fitila ta fara ƙyaftawa, wajen daƙiƙa 5. Wanda ya zarce da riƙo zai jefa ta wani yanayin dabam.

"Na yi riset, na mayar da bakof, matsalar ta dawo yadda take."

Malam, bakof ba ya tantance saiti mai kyau da marar kyau, duk abin da ya tarar shi yake kwashewa. Idan ka ɗauke shi bayan matsalar ta fara, to ka adana ciwon ne ka mayar da shi da hannunka. Shi ya sa ake ɗaukar sa ranar da komai ke aiki daidai, a kuma sake ɗauka duk lokacin da aka ƙara wani abu.

Wannan ya shafi dalilai biyu cikin waɗanda ke kai mutum ga riset. Wanda ya manta kalmar sirrin shiga, idan ya mayar da fayil, sau da yawa tsohuwar kalmar da ya manta ita ma ta dawo, ya sake kulle kansa a waje. Wanda kuma yake zargin an yi masa kutse, an sauya masa DNS misali, wato saitin da ke nemo adireshin shafuka, har shafuka na kai shi inda bai nufa ba, kada ya kusanci fayil ɗin sai in ya tabbata ya girmi kutsen. Waɗannan biyun su saita da hannu daga takarda, su fara da sabuwar kalmar sirrin shiga.

Ga wanda fayil ɗinsa lafiyayye ne, a haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, kada a yi ta waifai, domin sunan waifai zai sauya ana tsakiyar aiki. A tabbata rautar na kan inbata ko wata wutar da ba za a ɗauke ba. A koma wurin da aka yi bakof, a zaɓi fayil, a danna `Restore`, a bar ta har ta kashe ta kunna da kanta. Idan shafin ya ƙi buɗewa bayan nan, ba lalacewa ta yi ba, ta koma tsohon adireshinta ne, irin 192.168.10.1 ɗin mai shagon buga takardu. A zare kebul a mayar don kwamfuta ta karɓi sabuwar lamba, sannan a rubuta tsohon adireshin.

Idan kuma ta ƙi karɓar fayil ɗin gaba ɗaya, a duba takardar ƙarƙashinta. Samfuri ɗaya kan zo da zubi daban-daban, za a ga `V2` ko `V4` kusa da sunan, kuma fayil ɗin wannan ba lallai ya shiga wancan ba. Haka in an sabunta manhajar rautar da tazara mai yawa bayan ɗaukar bakof, tana iya ƙin sa, ko ta karɓa wasu saitunan su ɓace. Don haka bayan an mayar, a gwada abubuwa ɗaya-ɗaya kafin a tashi: a buɗe shafi a intanet, a buga takarda ɗaya, sannan a kashe waifai ɗin waya a duba kyamarori da datar layi, domin ta haka ne kawai za a san ana ganin su daga wajen shago.