Gane tsohuwar waya ta ƙarar kiranta

Gane tsohuwar wayar salula ta ƙararta hanya ce ta gano kamfanin da ya ƙera wayar da lokacin da ta fito, ta sauraron sautin kira ko na shigowar saƙo. Masu tara tsofaffin wayoyi da masu son sanin shekarun wani tsohon bidiyo ko kaset su ne suka fi amfani da ita. Abu biyu ake saurara, kuma kowanne da aikinsa: karin kiɗan shi ke nuna kamfani, irin muryar da ya fito da ita kuma ita ke nuna zamani.

Karin Nokia

Babu misalin da ya kai Nokia tune, wato karin kiran da aka san wayoyin Nokia da shi. An ciro shi daga Gran Vals, kiɗan jita da Francisco Tárrega, mutumin Sifaniya, ya tsara a 1902, kuma ya fara shiga waya a Nokia 2110 ta 1994. Amo goma sha uku ne. Goma sha biyun farko sun kasu gida uku, huɗu-huɗu: a kowane gida biyun farko gajeru ne masu sauri, sai sauti ya faɗo ƙasa ya ɗan hau da biyu masu tsawo. Kowane gida yana farawa ƙasa da na gabansa, sannan amo na ƙarshe ya ja. Wanda ya ji wannan tsari ya san Nokia ce, amma bai san wacce ba, domin kamfanin ya yi ta sabunta karin shekara da shekaru.

A nan ne murya ke shigowa. Wayoyi irin 3210 ta 1999 da 3310 ta 2000 amo ɗaya tak suke iya fitarwa a lokaci guda, siriri mai tsini, babu ganga babu rakiya. A 2002 aka samu 3510, wadda ke haɗa amo huɗu lokaci ɗaya. Daga nan ake jin wani sauti yana raka karin daga ƙasa, ko da yake har yanzu na inji ne. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma kiɗa mai kama da na gaske, da fari fiyano, zuwa 2008 kuma jita, kamar a N78.

Wannan jeri yana da tarko. Wayoyi masu araha sukan makara. Nokia 1100, mai tocilar nan da ta cika kasuwannin Najeriya da Nijar, ta fito a 2003 amma amo ɗaya take yi, tamkar 3310. Saboda haka siririyar ƙara tana nuna ajin wayar ne fiye da shekararta.

Ƙarar saƙo

Sautin saƙo da Nokia ta sa wa suna Special ba kiɗa ba ne. Haruffan SMS ne a tsarin Morse, mai isar da haruffa ta gajeru da dogayen sautuka: gajeru uku, dogaye biyu, gajeru uku. Mutane da yawa sukan ɗauka SOS ne, alamar neman agaji, alhali SOS dogaye uku ne a tsakiyarsa.

Misali

A ce an samu bidiyon wani biki a Kano babu kwanan wata. Ana cikin ɗauka sai lasifika ta yi ta ƙirrr a karkatse, can kuma aka ji karin Nokia da amo ɗaya. Wannan gurnani na lasifika alamar GSM ce, saboda wayar na aika sigina a yanke, kusan sau 217 a daƙiƙa. Tunda sai a Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aikin GSM a Najeriya, bikin bai riga wannan lokaci ba. Iyakar gaba ce ba a iya yankewa, don wani ya riƙe 1100 ɗinsa shekara goma.

Wayoyin shafa

Su sun fi sauƙi, domin sautin ya kan zo da sanannen lokaci. Marimba ta iPhone ta 2007 ce, Opening ta maye gurbinta a 2013 tare da iOS 7, Reflection kuma ta zo da iPhone X a 2017. Samsung ta fara Over the Horizon a Galaxy S II ta 2011, tana sake masa kayan kiɗa kusan kowace shekara.

Iyakar hanyar

Ƙara tana ƙaura. Mai 3310 na iya buga karin da ya so ta Composer, manhajar tsara kari da ke cikin wayar, daga baya aka riƙa tura sautuka ta Bluetooth, wayoyin jabu kuma sukan kwaikwayi karin manyan kamfanoni. Shi ya sa ake ƙara dogaro da ƙananan sautukan da ba kowa ke damuwa ya canza ba, kamar na kunna waya, na danna madanni da na ƙarewar caji.