Abokin Hamayya na Kati a Wasannin Tebur

Abokin hamayya na kati wani tarin katuna ne da ake tsarawa domin ya maye gurbin ɗan wasa a wasan tebur na gasa, ta yadda mutum zai iya buga wasan shi kaɗai. Duk sa'ad da layi ya zo kan wannan abokin hamayya, ɗan wasan yana buɗe kati ɗaya ya aiwatar da umarnin da ke jikinsa. Masu harkar sun fi kiransa da Automa.

Tarihi

Tun kafin katuna su samu karɓuwa, wasannin yaƙi na tebur suna da hanyoyinsu na motsa abokan gaba ba tare da mutum na biyu ba. Ambush!, wanda kamfanin Victory Games ya fitar a 1983, yana amfani da littafin sakin layi masu lamba da ke gaya wa ɗan wasa abin da sojojin Jamus suka yi. Sai dai shi tun asali don mutum ɗaya aka yi shi. Aikin da ya fi wuya shi ne a ɗauki wasan da aka gina don mutane su fafata, a sa wani abu a kujerar da babu kowa.

Jerin wasannin COIN na kamfanin GMT, wanda ya fara da Andean Abyss na Volko Ruhnke a 2012, ya warware wannan da jadawalin tambayoyi mai rassa. Ɗan wasa yana bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, idan amsa e ce ya bi wannan reshe, idan a'a ce ya bi wancan, har ya isa ga matakin da ɓangaren da babu mutum a kansa zai ɗauka. Tsarin yana fitar da abokin gaba mai wayo, amma yana cin lokaci kuma yana gajiyar da kai. Daga baya jerin ya karkata zuwa katuna, kamar a Gandhi na 2019.

Salon da ya fi yaɗuwa ya fito ne daga Morten Monrad Pedersen, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya tsara wa Viticulture na kamfanin Stonemaier Games tarin katunan Automa, aka fitar da su cikin ƙarin wasan mai suna Tuscany wajen 2014. A can katunan suna tare guraben aiki ne kawai, wato wuraren da ake ajiye ma'aikata a kan allon wasan, ɗan wasa kuma yana da zagaye 7 ya haura maki 20. Pedersen ya kafa Automa Factory, wadda ta yi irin wannan aiki ga Scythe na 2016, Gaia Project na 2017 da Wingspan na 2019.

Abin da ake kwaikwaya

Tushen aikin shi ne a gano inda ɗan wasa yake jin hannun abokin hamayyarsa. Mai tsarawa yakan zauna ya kalli mutum biyu suna wasa, ya rubuta duk wurin da motsin ɗaya ya canza shawarar ɗayan: ya riga shi shiga gurbi, ya ɗauke katin da yake hari, ya kusantar da ƙarshen wasa, ko ya wuce shi a maki. Waɗannan ne katuna za su kwaikwaya. Sauran abin da mutum yake yi a gabansa, kamar tara kaya da biyan kuɗin gini, ana zubar da shi gaba ɗaya. A Wingspan, Automa yana ɗaukar tsuntsaye ba tare da ya biya abincinsu ba, domin lissafa masa abinci zai ƙara wa ɗan wasa aiki ne kawai, ba zai canza ko shawara ɗaya ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada a bar wa ɗan wasa zaɓi a madadin abokin hamayyarsa. Idan kati ya ce a ɗauki kaya mafi daraja, sai aka tarar biyu sun yi kunnen doki, dole katin ya faɗi yadda za a raba gardama, misali da kibiya mai nuna a fara daga hagu ko daga dama. In ba haka ba, mutum zai riƙa zaɓar abin da ya fi masa sauƙi ko da bai yi niyya ba.

Misalin tarin katuna

A ɗauka ana da wasan ajiye ma'aikata mai zagaye 6, inda kowa yake ajiye ma'aikata 3 a zagaye. An lura cewa mutane suna rububin gurbin kasuwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan abokin hamayya can suke zuwa. Sai a yi katuna 12, a rubuta kasuwa a kan 4, sauran 8 a raba su ga sauran gurabe. Idan aka buɗe katuna 3 daga sabon tari, hanyoyin da za su iya fitowa 220 ne, kuma 56 ne kawai babu kasuwa a cikinsu. Ke nan kusan kashi 75 cikin 100 na lokuta za a tare kasuwa aƙalla sau ɗaya a zagayen farko. Ɗan wasa yana da dalilin gaggawa, amma bai da tabbas, kuma wannan fargabar ce ake nema.

Bambancin kati da ɗan ludo shi ne tarin katuna yana riƙe abin da ya wuce. Wannan alheri ne, domin ba zai yiwu a tare kasuwa fiye da sau huɗu kafin a sake cakuɗa tarin ba. Amma yana da illa. Idan katunan kasuwa huɗu suka fito a zagaye biyu na farko, mai kula ya san cewa a zagaye na uku da na huɗu kasuwa tasa ce, sai ya daina sauri. Ana magance wannan ta hanyar cakuɗa katunan tun kafin tarin ya ƙare, ko a ware 2 a kife a gefe ba tare da an gani ba, ko a sa alamar sake cakuɗawa a jikin kati ɗaya. Wasu masu tsarawa da gangan suke barin ɗan wannan ƙirge, domin karanta abokin hamayya yana cikin daɗin wasa da mutum.

Maki ma daga katin suke fitowa. A wannan misali za a buɗe katuna 18 a wasa guda. Idan matsakaicin kati yana ba da maki 3, Automa zai ƙare wajen 54. In ƙwararren ɗan wasa yakan samu 60, sabon shiga kuma 45, to wannan mataki ya dace da mai matsakaicin gwaninta. Don sauƙaƙawa ko tsanantawa, lambar maki kaɗai ake taɓawa, ba a ƙara sababbin dokoki.

Gwaji da kurakurai

Ana gwada tsarin sau da yawa da mutane masu gwaninta daban-daban, ana rubuta makin ɓangarorin biyu. Idan makin Automa kusan iri ɗaya ne a kowane wasa, ya zama lambar da ake ƙoƙarin haurawa kawai. Idan kuma yana tsalle daga 30 zuwa 80, sa'ar kati ce take yanke hukunci, sai a rage tazarar da ke tsakanin kati mafi ƙarfi da mafi rauni.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne dabarar da mutum zai toshe nan take amma katuna ba sa gani. Alamarsa ita ce masu gwaji daban-daban su riƙa cin wasa ta hanya guda. Maganinsa yawanci kati ne mai sharaɗi, wanda yake duba allo, misali ya ce a tare gurbin da ɗan wasa ya fi amfani da shi a zagayen baya. Sharaɗi ɗaya ko biyu a kati sun isa, domin idan motsin Automa ya fi na ɗan wasan daɗewa, masu gwaji sukan fara tsallake matakai ko su yi kuskuren karanta kati.

Iyakoki

Wasannin da suka dogara ga ciniki, ƙulla ƙawance ko yaudara ba sa karɓar wannan tsari da kyau. Masu wasa sun kasu kan ko ya kamata Automa ya bi dokoki iri ɗaya da ɗan wasa: wasu suna ganin keɓe shi rashin adalci ne, wasu kuma sun fi damuwa da saurin wasa.