Hoton falo ba ya faɗin kalar fatarki

"Anti, ga hotona na turo. Wace lambar fandeshon ce za ta yi min?"

Da wannan hoton, babu. Kin ɗauka da daddare a ƙarƙashin ƙwan falo, ga filta a kai. Kashe filtar tukuna, sannan mu yi magana.

"Ai ni wankan tarwaɗa ce."

Rabin matan Kubwa ma haka suke cewa. Wannan hasken fata ne kawai. Akwai kuma andaton, wato launin da ke kwance ƙarƙashin hasken: na wata ya karkata ga ruwan ɗorawa, na wata ga ja, wata kuma tana tsakani. Mata biyu haskensu ɗaya, amma kwalba ɗaya ba za ta yi musu ba.

"An ce in duba launin jijiyar hannuna don in gane andatona."

A fata mai duhu da ƙyar ake ganin launinta. Bar wannan.

"Amaryar da zan yi wa kwalliya tana Jos, ni ina Abuja, ba za ta iya zuwa ba. Hoto ɗaya ta turo, kumatunta ɗaya ya yi ja, ɗaya ya yi toka-toka. Wanne zan bi?"

Yauwa, wannan ce tambaya. Kada ki bi ko ɗaya kai tsaye, ƙanwata. Haske biyu ne suka haɗu a fuskarta. Ƙwan ɗaki mai rawaya yakan kai wajen 2700K, hasken da ke shigowa ta taga kuwa yana kusa da 6000K, ya fi karkata ga shuɗi. Waya ba ta iya gyara biyun lokaci guda, sai ta zaɓi ɗaya ko ta tsaya a tsakiya. Shi ya sa ɓangaren ƙwan ya yi ja, ɓangaren taga ya yi toka.

Fara da neman wani abu fari a hoton kusa da fuskar, kamar farin mayafi ko takarda. In farin ya koma ruwan madara a wani gefe, to rawayar da kike gani a fatar wannan gefen ta ƙwan ce, ba tata ba. Gefen da farin ya fi zama fari, shi za ki fi yarda da shi. Sai dai ko shi da sharaɗi, domin bango mai fenti ko jan labule suna watsa launinsu a kan fata, kuma ba lallai mayafin ya zama fari tas ba tun asali.

Hasken fatar kuma, kada ki auna shi a goshi, nan maiƙo ke ƙyalli. Kada ki auna ƙarƙashin haɓa, nan inuwa ce. Dubi gefen muƙamuƙi inda ya gangara wuya. In fuskar ta fi wuyan haske sosai, ko saboda shafe-shafen biki ko man bilicin, ni wuya da ƙirji nake bi, tunda kayan dina sukan bar su a buɗe.

A ce a gefen ƙwan ta yi miki kama da fandeshon kamfanin MAC mai lamba NC45, wadda ta karkata ga ruwan ɗorawa, amma a gefen taga kin ga ɗan ja-ja. Mai yiwuwa andatonta na tsakani ne, ko ma ja. Kada ki ce bari in ɗauki NW45 tunda lambar ɗaya ce, domin ta fi NC45 duhu. Abin da zan yi, in tsiyaya fandeshon kala uku a ƙananan robobi in ba direban motar Jos ya kai mata. Ta ja layi uku a muƙamuƙi, ta jira minti goma zuwa sha biyar saboda wasu sukan ƙara duhu in sun haɗu da maiƙon fata, sannan ta ɗauki hoto ɗaya da dukansu a ciki. Ko hasken ya yi ƙarya, ƙarya ɗaya ya yi wa fatar da layukan. Wanda ya ɓace shi ne nata. Wanda ya yi toka ya yi mata haske da yawa, wanda ya yi kamar manja kuma jan cikinsa ya yi yawa. In lokacin hunturu ne, ta shafa mai tukuna, don sanyin Jos yakan sa fata ta yi furu-furu har a zargi fandeshon. Duk da haka ranar biki ki tafi da kwalba biyu, ƙila sai kin gauraya.

"To in kunna filasha?"

A'a. Yana ƙara ƙyallin goshi, kuma wasu hodoji sukan fito fari fat a ƙarƙashinsa.

"Na sayi fandeshon a kasuwar Wuse, a shago ta yi daidai, a gida na koma wata iri."

Kwantar da hankalinki, ba lallai jabu ba ce. Fitilar shagon kika gwada wa. In ta ɗan yi haske ne, haɗa ta da ɗigon mai duhu. Gobe in kin je, shafa ki fito bakin ƙofa da madubi.

"Yaya zan ɗauki hoton da kike so?"

Da rana. Kashe ƙwan ɗaki, fuskanci taga amma ba inda rana ke dukanki ba, goge gilashin kyamara, ki riƙe farar takarda a gefen wuya. Fuska babu komai, a cire mayafi mai launi. A WhatsApp ki tura shi ta Document don kada a matse hoton. Kuma don Allah a daina turo min hoton dinar bara.