Ma'anar "sakula", da yadda ake rubuta ta in lokacin aiki zai canza

Duk wanda ya taɓa aikin ofis a Birnin Kebbi ko Gusau ya san wannan magana: "An fito da sakula." Kalmar aro ce daga Turanci, kuma asalinta daga ma'anar zagaye take. Sakula takarda ce guda ɗaya da shugabannin wurin aiki ke fitarwa domin ta zagaya ga kowa a lokaci ɗaya, magana iri ɗaya, daga manaja har mai shara. Ta bambanta da takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke ce wa kweri, domin ita kweri mutum ɗaya ake ba, kuma amsa ake jira daga gare shi. Sakula ba ta tuhumar kowa kuma ba ta neman amsa. Aikinta ta sa mutum hamsin su san abu ɗaya, su fahimce shi ta fuska ɗaya.

Ana fitar da ita kan abubuwa da yawa: hutun sallah, ranar tantance ma'aikata, sabon tsarin sa hannu a rajista. Amma a ganina babu wadda ta kai ta canjin lokacin aiki wuyar rubutu, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Ma'aikaci ba ya raba lokacin aiki da albashi a ransa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da jihohi irin su Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis, mutane suka saba haɗa canjin lokaci da matsin tattalin arziki. A kamfani mai zaman kansa kuwa abin ya fi haka tsanani. Da zarar an ce "lokacin aiki", abin da kunne ke ji shi ne ko za a rage kuɗi, ko za a rage mutane.

Na ga wannan da idona a wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa da ke wajen Birnin Kebbi, inda na yi aiki a sashen kula da ma'aikata. Muna shiga ƙarfe 8 na safe mu tashi ƙarfe 4 na yamma. Da bazara ta kankama, ɗakin injuna ya koma kamar tanda daga azahar, ga tururin turara shinkafa, har wasu matasa biyu suka yanke jiki a mako ɗaya. Aka yanke shawarar a ja lokacin baya da awa ɗaya. Shawara ce ta tausayi tsantsa. Ga abin da aka manna a allon sanarwa ranar Alhamis da yamma, kuma ni na buga shi:

"Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa saboda halin da ake ciki, hukumar gudanarwa ta yanke shawarar sake fasalin lokutan aiki. Cikakken bayani zai biyo baya."

Kafin la'asar ta washegari labari ya gama gari cewa kamfanin zai sallami rabin ma'aikata. Dattijon da ke gadin ƙofa ya tare ni da hularsa a hannu, muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, don Allah mi munka yi? Na ji an ce sallamarmu za a yi." Na ce, "Baba, wallahi ba wanda za a sallama, saboda zafi ne." Sai ya dube ni ya ce, "To mi ya hana ku rubuta zafin?"

Tambayar nan tasa ita ce dukan darasin. Jimloli biyu ne kacal a takardar, amma kowace na ɗauke da abin tayar da hankali. "Halin da ake ciki" ba ta faɗi ko wane hali ba, don haka kowa ya cika gurbin da abin da ya fi tsoro. "Sake fasali" kalma ce da ma'aikata suka saba ji dab da kora. "Bayani zai biyo baya" kuma ta bar mutane su kwana uku da zullumi, tunda an manna ta ana shirin shiga ƙarshen mako, babu wanda za a tambaya. Wanda ya rubuta yana ganin ya yi taka-tsantsan, alhali dunƙule maganar ne ya zama tushen fargabar. Da ma an jira sai bayanin ya kammala, an fitar da shi gaba ɗaya.

Ga wadda muka sake rubutawa:

"Zuwa ga dukkan ma'aikata: Sabon lokacin aiki na bazara. Daga ranar Litinin 7 ga Afrilu zuwa Juma'a 30 ga Mayu, za mu riƙa shiga aiki ƙarfe 7:00 na safe mu tashi ƙarfe 3:00 na rana, maimakon 8:00 zuwa 4:00. Ranar Juma'a kuma 7:00 zuwa 12:00, maimakon 8:00 zuwa 1:00. Yawan awannin aiki bai canza ba, albashi da alawus ba su canza ba, kuma wannan bai shafi aikin kowa ba. Dalili shi ne tsananin zafi a ɗakin injuna da rana. Hutu zai kasance 10:00 zuwa 10:30 don cin abinci, da 1:30 zuwa 2:00 don sallar azahar. Masu gadi za su ci gaba da tsarinsu na da. Ranar Litinin 2 ga Yuni za a koma tsohon lokaci. Wanda sabon lokacin zai ba shi wahala ya samu shugaban sashensa kafin ranar Laraba."

A lura da abin da ya zo a farko. Ba gaisuwa mai tsawo, ba tarihin kamfani, ba godiya kan haƙurin ma'aikata. Sabon lokaci da ranar farawa ne suka buɗe takardar, tsohon lokacin na gefensa don mai karatu ya ga tazarar da idonsa. Ranar kuma an haɗa sunanta da kwanan wata. In aka ce "daga Litinin mai zuwa", wanda ya karanta ranar Lahadi da wanda ya karanta ranar Talata ba Litinin ɗaya suke nufi ba.

Jimlar albashi ce zuciyar takardar, kuma a kanta muka fi yin gardama. Manajanmu ya so a cire ta, yana cewa ambaton albashi ne zai sa mutane su fara tunaninsa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai sun riga sun fara." Tambayar da ke ran kowa ba ta gushewa don an ƙi taɓa ta, sai dai a amsa ta a bakin mai shayi. Kuma amsar tana da lissafin da kowa zai iya bi: awa 8 sau kwana huɗu 32, a ƙara 5 na Juma'a, 37 ke nan a tsohon tsari, 37 a sabo.

Sai dai wannan jimla tana da sharaɗi: sai in gaskiya ce. In canjin zai taɓa kuɗin wani, ko da kuɗin ƙarin lokaci ne, ba a rubuta "babu abin da ya canza". A nan sakula ta kai iyakarta. Abin da ya shafi aljihun mutum ko sharuɗɗan ɗaukarsa aiki, zama ake yi da shi ko da wakilan ma'aikata tukuna, takarda ta biyo baya ta tabbatar da abin da aka tattauna. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma haka ta ɗauki lamarin. Sashe na 13 ya ce ana tsayar da awannin aiki ne ta yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, ko ta ciniki da ƙungiyar ma'aikata, ko ta hukumar tsayar da lada ta wannan sana'a. Sashe na 7 kuma ya wajabta a sanar da ma'aikaci a rubuce in an canza sharuɗɗan aikinsa, cikin wata ɗaya da yin canjin. Wata ɗaya bayan canji iyakar doka ce kawai. Mai son zaman lafiya mako ɗaya ko biyu kafin canjin yake sanarwa.

Akwai wani ɗan abu da ya kusa kuɓuce mana. A da muna hutun awa ɗaya a dunƙule, daga 1:30 zuwa 2:30. Da an bar shi haka, mutane za su dawo aikin minti talatin ne kawai su tashi, bayan sun yi awa shida da rabi a tsaye ba hutu. Dokar ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma ta yarda a raba shi. Shi ya sa muka raba biyu. Wani mai kula da injin ne ya ankarar da mu, ba mu da ke ofis ba, domin kafin a manna takardar mun kira shugabannin sassa mun karanta masu. Wannan zama na minti ashirin yana da wata fa'ida kuma: ma'aikaci shugabansa yake fara tambaya, in shugaban ya ce "ni ma yanzu nake gani", an gama rasa natsuwar sashen.

Layin ƙarshe, na wanda lokacin zai ba shi wahala, ba ado ba ne. Muna da masu zuwa daga Kalgo da Jega, waɗanda samun mota da sassafe ba ƙaramin aiki ba ne gare su, da mata masu tsince shinkafa da sai sun kai yara makaranta. Mutum huɗu suka zo. An bar biyu daga cikinsu a kan tsohon lokaci, sauran biyun suka daidaita da wani abokin aiki mai babur.

Ba kowa ke karatu ba, don haka allo kaɗai bai isa ba. Mun tura hoton takardar mai sa hannu da hatimi a zauren WhatsApp na ma'aikata, tare da saƙon murya da aka karanta ta kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. In mai karantawa ya fara sharhi daga bakinsa, an samu sakula biyu ke nan.

Ana iya gane ko saƙon takarda ya fita sarai tun kafin a manna ta. A karanta wa wanda bai san komai a kan maganar ba, sau ɗaya, sannan a tambaye shi: ranar Litinin ƙarfe nawa za ka zo, kuɗinka ya ragu, yaushe za a koma yadda ake? In ya yi inda-inda a ɗaya, a koma kan rubutun. Ni Baba mai gadi na karanta wa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ni ban da ni, su kuma bakwai, kuɗi na nan." Ranar Litinin ɗin farko na tsaya a ƙofa da rajista tun bakwai saura kwata. Mutum uku ne suka makara, kuma dukansu sun san bakwai ne, mota ce ta ɓata masu lokaci.