Foldar Library a Mac: dalilin ɓoye ta da abin da ke cikinta

A kwamfutar Mac, foldoji uku ne ke amsa sunan Library. Akwai /System/Library, wadda ta tsarin macOS ce kuma a kulle take, sai /Library da duk masu amfani da kwamfutar ke tarayya a kanta, sannan ~/Library da ke cikin foldar gida ta kowane mai asusu. Ta ukun ce ake nufi idan an ce Library a ɓoye take. A da tana bayyane kusa da Documents da Downloads, sai a 2011 kamfanin Apple ya ɓoye ta a tsarin Lion.

Ɓoyewar ba kulle ba ce. Alama ce kawai aka ɗora wa foldar don Finder ya tsallake ta. Idan ka buɗe jerin Go a Finder ka riƙe maɓallin Option, sunanta zai fito. In kana so ta zauna a bayyane, shiga foldar gida, danna Command da J, ka zaɓi Show Library Folder.

Dalilin ɓoye ta yana cikin irin kayan da ta ƙunsa. Manhajoji ne ke rubuta su don amfanin kansu, kuma kowace tana neman fayilolinta a wuri takamaimai da suna takamaimai. Ka sauya sunan folda ɗaya, manhajar za ta tashi kamar yau aka saka ta. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kaya iri biyu ne a cakuɗe, sunayensu kuma ba sa nuna bambancin.

Iri na farko kwamfuta na iya sake gina shi. Caches na ajiye kwafin wucin gadi don manhaja ta yi sauri, Logs kuma bayanan abin da ya faru ne. Preferences ya ɗan fi nauyi: nan saitin kowace manhaja yake, a fayiloli irin su com.apple.finder.plist, kuma share ɗaya na mayar da manhajar saitinta na asali.

Iri na biyu shi ne wanda sau da yawa ba shi da wani kwafi. Keychains na riƙe da kalmomin sirri. Messages na da tarihin saƙonni a fayil mai suna chat.db. Mail na ɗauke da wasiƙu, kuma waɗanda aka ajiye a On My Mac ba sa kan sabar kowa. Mobile Documents ita ce ainihin iCloud Drive, don haka abin da ka share a nan zai ɓace a wayarka ma. Application Support da Containers kuwa sun haɗa komai, har da bayanan da manhaja ta shekara tana tarawa.

Yawanci cikewar ma'ajiya ce ke kai mutum can. A ce Mac mai gigabait 256 ta cika, System Data kuma, wato sashen fayilolin tsari da na manhajoji a lissafin ma'ajiya, ya kumbura. Kafin a taɓa komai, a auna a Terminal, manhajar rubuta umarni ta Mac:

```
du -sh ~/Library/* | sort -h
```

Manyan foldoji za su fito a ƙasan jerin. In ka ga Operation not permitted, ba lalacewa ba ce: tun daga Mojave a 2018, sai an ba Terminal izinin Full Disk Access kafin ya leƙa wurare irin su Mail da Messages.

A ce Caches ta nuna gigabait 4, Application Support kuma 60. Mutane kan afka wa Caches, alhali ribar kaɗan ce, kuma cikin kwanaki za ta sake cika. Idan an taɓa haɗa iPhone da kwamfutar, a duba nan tukuna:

```
~/Library/Application Support/MobileSync/Backup
```

Kowace folda a ciki kwafin ajiya ne na waya guda, sunanta dogon jerin lambobi da haruffa. Wata ma ta wayar da aka sayar tun bara ce. Fayilolin ciki ba su da sunaye masu ma'ana, Manifest.db ne ke riƙe da lissafin wane ne wane, shi ya sa share rabin foldar ke lalata kwafin gaba ɗaya, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka zo dawo da waya. Hanya mai kyau ita ce a haɗa iPhone, a zaɓe ta a gefen Finder, a danna Manage Backups. Can za a ga sunan kowace waya da kwanan wata, a goge tsohon da Delete Backup.

Ga sauran foldoji, a rufe manhajar da ke amfani da foldar tukuna, a ja foldarta zuwa Desktop maimakon Trash, a yi aiki na 'yan kwanaki. In wani abu ya ɓace, a sake rufe manhajar, a cire sabuwar foldar da ta ƙirƙira, a mayar da tsohuwar wurinta da sunanta na asali.