Me ya sa manhajojin gano rubutun na'ura ke zargin tsofaffin rubuce-rubuce?

Na ga ana cewa an saka Kundin Tsarin Mulkin Amurka a manhajar gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, ta ce na'ura ce ta rubuta shi. Da gaske ne?

Da gaske ne. A shekarar 2023 mutane da dama sun gwada, suka yaɗa hotunan sakamakon. An liƙa sassan kundin a manhajoji irin su ZeroGPT da GPTZero, suka yanke hukuncin cewa rubutun na'ura ne, alhali a birnin Filadelfiya aka rubuta shi a 1787, da alƙalami da tawada. An ga irin wannan sakamako da Sanarwar 'Yancin Kan Amurka ta 1776, da kuma farkon Littafin Farawa a tsohuwar fassarar Turanci ta Baibul. Edward Tian, wanda ya ƙirƙiro GPTZero yana ɗalibi a jami'ar Princeton, ya bayyana dalilin a lokacin da cewa kundin rubutu ne da ya shiga bayanan horar da injunan harshe sau da yawa.

Mutane sun ɗauki abin na dariya, amma ni ina ganin darasi ne mai nauyi, domin ya tona abin da manhajojin ke aunawa a zahiri.

To mene ne suke aunawa?

Babu wata manhaja da ke ganin hannun da ya yi rubutu. Kalmomi kawai take gani. Da yawa daga cikin manhajojin farko suna ɗauke da injin harshe a cikinsu, irin GPT-2 da ya fito a 2019, kuma aikin wannan inji ɗaya ne: a ba shi farkon jimla, ya yi hasashen abin da zai biyo baya. Sai manhajar ta bi rubutunka kalma bayan kalma (a haƙiƙa guntayen kalmomi take bi, amma hakan bai canja bayanin ba), a kowane mataki tana duba yawan tsammanin da injin ya yi wa kalmar da ta zo. Idan ya yi tsammaninta sosai, babu mamaki. Idan ta zo masa a ba-zata, mamakin ya yi yawa. Matsakaicin wannan mamaki shi ne abin da za ka gani a allo da sunan `perplexity`.

Bari mu yi lissafin da lambobin da na zaɓa don sauƙin misali. A ce kalmomi huɗu ne a jere, injin ya ba su yiwuwar 0.5 da 0.1 da 0.2 da 0.01. Ana ninka su da juna, a ɗauki tushe na huɗu, wato lambar da in aka jera ta sau huɗu aka ninka za ta ba da wannan sakamakon, sannan a raba 1 da abin da ya fito:

```
0.5 × 0.1 × 0.2 × 0.01 = 0.0001
0.0001 ^ (1/4) = 0.1
perplexity = 1 / 0.1 = 10
```

Ma'anar 10 ɗin nan ita ce, a kowane mataki injin yana cikin shakka kamar mai zaɓe tsakanin kalmomi goma. Da a ce kowace kalma cikin huɗun ya ba ta 0.9, da sakamakon ya zama kusan 1.1, wato kusan babu shakka ko kaɗan.

Hujjar masu manhajar ita ce, injin da ke rubutu yana yawan ɗaukar kalmar da ta fi yiwuwa, don haka rubutunsa ba ya ba ɗan'uwansa inji mamaki. Ɗan Adam kuwa yakan kauce, ya kawo kalmar da ba a zata ba. Akwai ma'auni na biyu da ake haɗawa da shi, `burstiness`, wanda ke duba ko mamakin yana hawa yana sauka daga jimla zuwa jimla, ko kuwa a shimfiɗe yake. Idan mamaki ya yi ƙasa kuma ya tsaya wuri ɗaya, sai a ce na'ura.

Amma ai Turancin 1787 ba irin na yau ba ne. Ya kamata ya fi ba injin mamaki, ko ba haka ba?

Nan ne gaɓar maganar. Da injin bai taɓa ganin kundin ba, da lallai ya sha mamaki. Dubi farkonsa:

```
We the People of the United States, in Order to form a more perfect Union,
```

Manyan baƙaƙe a tsakiyar jimla, da tsarin magana da babu mai yin irinsa yanzu. Ƙarasa gabatarwar, wadda kalmomi 52 ne kacal, za ka tarar da kalmar tsaro an rubuta ta `defence` da harafin c, yadda Amurkawan yau ba sa rubutawa. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata su ɗaga ma'aunin.

Sai dai injin ya ga wannan jimla sau da ba ya ƙirguwa. Ana horar da shi ne da rubutun da aka kwaso daga intanet da littattafai, kuma kundin yana ko'ina: shafukan gwamnati, littattafan makaranta, hukunce-hukuncen kotu, jawaban 'yan siyasa, muhawarar jama'a. Ba shi da haƙƙin mallaka da zai hana kwafa, don haka kowa na liƙa shi yadda yake, harafi da harafi. A lokacin horarwa, duk sanda injin ya yi kuskuren hasashen kalma, ana ɗan gyara lambobin cikinsa don kalmar da ta dace ta ƙara yiwuwa. Jimlar da ya haɗu da ita sau ɗaya, gyara ɗaya ta samu. Wadda ya haɗu da ita sau dubbai, an gyara shi a kanta sau dubbai, har ya zama da zarar ya ga `in Order to form a more`, kalmar `perfect` ta kusa zama tabbas a wurinsa. Ya haddace ke nan. Mai hadda kuwa, idan ka jawo masa farkon baiti, shi zai ƙarasa maka, komai wuyar kalmomin, kuma hakan ba ya nuna shi ya tsara waƙar.

Saboda haka lissafin manhajar daidai ne, mamakin ya yi ƙasa ƙwarai. Fassarar da ta yi wa lissafin ce ta karkace. Ta ga kamanni tsakanin kundin da abin da inji ke fitarwa, sai ta ce kundin ya fito daga inji, alhali injin ne ya koya daga kundin. Hanyoyi biyu ne ke kai rubutu ga ƙarancin mamaki, ko inji ya rubuta shi, ko inji ya haddace shi, kuma lamba ɗaya ba ta iya bambance su.

Ba a cire maimaici kafin a horar da injin?

Ana ƙoƙari. Wani bincike na 2021 da ya haɗa da masanan Google ya gano jimla ɗaya mai kalmomi 61 da ta maimaitu fiye da sau 60,000 a tarin bayanan da ake kira C4, ya kuma nuna cewa cire irin wannan maimaici na rage hadda sosai. Amma tacewar ta fi iya kama shafuka biyu masu kama da juna, ko dogon sashe da aka kwafa. Sanannen rubutu kuwa yana watse ne gunduwa-gunduwa cikin rubuce-rubuce daban-daban: lauya ya ɗauko layi biyu, malamin tarihi ya ɗauko uku, ɗan jarida ya ɗauko rabin jimla. Ga kuma wani abu, masu ƙera injin ba sa son ya manta da kundin, tunda mutane za su tambaye shi a kansa.

Yaya zan gane cewa hadda ce ta jawo sakamakon, ba wani abu ba?

Abu na farko shi ne shekarar rubutun. Duk abin da aka tabbatar an buga shi kafin injunan nan su wanzu, magana ta ƙare, ko manhajar ta ce kashi nawa.

Idan kuma dalilin kake son sani, akwai gwaji mai sauƙi. Ɗauki sanannen rubutun, ka nemo wani na zamaninsa mai irin salonsa da tsawonsa wanda ba a yawan ambata, misali wasiƙar kasuwanci ta ƙarshen ƙarni na 18, ka saka su duka biyun. Idan sanannen ya fito a matsayin na na'ura, ɗayan kuma na mutum, shahara ce ta yi aiki, ba salo ba. Kana iya gwadawa a cikin kundin kansa, ka kwatanta gabatarwar da kowa ke ambata da wani sashe na ciki da ba a cika jawowa ba. Idan kana da manhajar da ke nuna yiwuwar kowace kalma da launi, kamar GLTR ta 2019, lura da farkon rubutun: a haddataccen rubutu 'yan kalmomin farko kan ba injin mamaki, daga nan da ya gane inda aka dosa sai mamakin ya faɗi warwas ya zauna a ƙasa.

Ba kowane kuskure ne hadda ke jawowa ba. Rubutun doka da na hukuma cike yake da jimlolin da aka saba, waɗanda ake iya hasashensu ko ba a haddace takardar ba. Kuma manhajoji da yawa na yanzu ba mamaki kaɗai suke aunawa ba, an horar da su ne da misalan rubutun mutum da na inji don su rarrabe. Irin waɗannan ana iya koya musu sanannun rubuce-rubuce kai tsaye, ko a haɗa musu binciken intanet. Don haka idan ka saka kundin yau ta ce mutum ne ya rubuta, wannan bai isa ya nuna an magance tushen matsalar ba.

Wannan ya shafi ɗalibin da ake zargi da rubutun na'ura?

Ya shafe shi ta hanya biyu. Ɗalibin shari'a ko tarihi ko addini dole ne ya jawo nassi mai tsawo, kuma waɗannan sassa suna jan matsakaicin mamakin rubutunsa ƙasa. Malamin da zai duba ya kamata ya ga waɗanne jimloli manhajar ta yi wa alama. Idan nassin da aka jawo ne, babu abin tuhuma.

Hanya ta biyu ta fi damuna. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da insha'i 91 na jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci ta TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin 100 aka ce na na'ura ne. Nan ba hadda ba ce, wanda ya koyi harshe a aji yana rubutu da kalmomi da ginin jimla da aka fi sani, sai mamakin ya yi ƙasa. Ma'aunin dai ɗaya ne da wanda ya zargi kundin, sai dai kundin yana da tarihin da zai wanke shi, ɗalibi kuwa ba shi da shi sai in ya ajiye daftarinsa na farko da tarihin gyare-gyaren fayil ɗinsa. Kamfanin OpenAI ma ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya faɗa da kansa cewa kashi 26 cikin 100 na rubutun inji take kamawa, tana kuma zargin kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane bisa kuskure. A watan Yulin shekarar ya janye ta saboda ƙarancin daidaito. Shi ya sa nake ganin bai halatta a hukunta ɗalibi da lambar manhaja kaɗai ba. A zaunar da shi, a tambaye shi abin da ya rubuta da inda ya samo shi, a duba daftarinsa.